Na yi ɓari, kowa na cewa ai ba komai, maigidana kuma ya yi shiru

Admin: Assalamu alaikum. Wata 'yar uwa ce ta turo wannan, ta ce a ɓoye sunanta. A ba ta shawara cikin mutunci. Masu tallar magani don Allah ku yi haƙuri, ba nan ba ne.

"Cikina na fari ne, ya kai sati 11. Ban gaya wa kowa ba sai maigidana da yayata, kun san dai kunya irin tamu. Na fara ganin jini kaɗan-kaɗan, muka je asibiti aka yi sikanin, likita ta ce zuciyar ba ta bugawa, ci gabansa ya tsaya tun wajen sati 8. Aka yi mini wankin ciki muka dawo gida a ranar. Yau sati uku ke nan. Jiki ya warware, amma ni ban warware ba. Ina cikin wanke-wanke sai hawaye. Surukata da ta ji labari ta ce ai gudan jini ne, in daina shagwaɓa, kuma da ban dinga hawa Keke Napep zuwa makarantar da nake koyarwa ba da hakan bai faru ba. Shi kuwa tun da muka dawo bai ƙara ambaton maganar ba. Yana sayo mini nama da kayan marmari, ya biya kuɗin komai, amma ko sau ɗaya bai ce yaya zuciyarki ba. Ga sunan ƙanwarsa sati mai zuwa, an ce dole in je har da anko. Shin ni ce na cika son jiki? Kuma da gaske hawa Keken ne ya jawo?"

Maman Iman: Wa alaikumus salam. Sannu 'yar uwa, sannu. Allah ya sa mai ceto ne. Ba son jiki ba ne wallahi. Ni nawa ya shekara shida, na haifi biyu bayansa, amma har yau in watan da ya kamata in haife shi ya kama sai na lissafa shekarunsa a zuci. Abin da ya fi cin rai a ɓari shi ne babu zaman makoki. In yaro ya rasu za a shimfiɗa tabarma, a zo a yi miki gaisuwa kwana uku, ki yi kukanki a gaban jama'a ba mai ganin laifinki. Wannan kuwa ke kaɗai kika san wanda kika rasa, da safe kuma a ce ki ɗora tukunya.

Hajiya Babba: 'Yata ki yi haƙuri, kowace mace da irin nata. Mu a zamaninmu ba a ma maganarsa, sai dai a dama miki kunun kanwa ki yi wankan ruwan zafi kwana bakwai shi ke nan. Amma gaskiya surukarki ba ta yi ƙarya duka ba, ƙaramin ciki ba ya son jijjiga. Gaba in Allah ya kawo wani ki ajiye aikin nan ki kwanta.

Anti Nas: Hajiya, da girmanki, a nan zan ɗan saɓa miki, don wannan maganar ita ce ke hana mata da yawa barci. Ni ungozoma ce, ɗakin mata nake aiki, kusan kullum sai mun karɓi mai ɓari.

'Yar uwa, ki dubi abin da likitarki ta gaya miki da kyau. Kina sati 11, amma cikin ya tsaya tun sati 8. Wato kusan sati uku kafin ki ga ɗigon jini na farko abin ya riga ya faru, jikinki ne bai sallama da wuri ba. To Keken ranar da kika ga jini, ko na jiya da shekaranjiyarta, ba shi da hannu. Kuma ko na can baya ma, hawa abin hawa, daka, ɗaukar bokiti, kwanciyar aure, ɓacin rai, babu ɗaya da aka tabbatar yana zubar da lafiyayyen ciki. A wannan lokacin mahaifa tana can ƙasa cikin ƙashin ƙugu a killace. Kwanciya a gado ma an gwada, ba ta hana ɓarin da zai faru.

Wajen rabin ɓarin watanni ukun farko daga haɗuwar ƙwayoyin halitta ne. Ƙwan mace da maniyyin namiji kowanne yana kawo nasa ƙwayoyin halittar guda 23, sai a samu ɗaya ya yi yawa ko ya yi kaɗan tun ranar da cikin ya shiga, halittar ba za ta iya ci gaba ba. Ba laifin uwa ba, ba na uba ba, kuma yawanci ba ya maimaituwa. A cikin kowane ciki goma da aka san da shigarsu, ɗaya zuwa biyu haka suke ƙarewa. Ki duba matan da za su taru a gidan sunan nan, da yawansu sun taɓa yi, ba a faɗa ne kawai.

Akwai abubuwan da suke jawo shi da gaske a wajenmu, kuma ana iya maganinsu: zazzaɓin cizon sauro mai zafi, ciwon suga da ba a kula da shi ba, matsalar maƙoƙo, wasu cututtukan sanyi. Waɗannan ake bincika, ba Keke ba.

Hajiya Babba: To Allah ya sa haka ne. Ni dai na ga wadda aka ce ta kwanta, ta kwanta, ta haihu.

Anti Nas: Ana samu Hajiya. Wata jinin take gani amma ɗan yana nan da ransa, ko ta kwanta ko ba ta kwanta ba zai zauna. Wata kuma bakin mahaifarta ke buɗewa a wata huɗu ko biyar, ita ce ake yi wa ɗaurin mahaifa a wajen sati 12 zuwa 14. Wannan daban ne da na mai tambaya.

Ummu Sultan: Ki nemi garin hulba da habbatus sauda da zuma, in sha Allah wata biyu ba za ki yi ba za ki samu wani. Ni shi na sha.

Maman Iman: Ummu Sultan ba yadda za ta samu ciki ta tambaya ba fa. Wannan "za ki samu wani" ɗin ma yana cikin abin da ke ƙona rai. Wani daban, wannan daban.

Baban Khalil: Ku ba ni dama in yi magana a madadin maigidan, ko da ban san shi ba. Matata ta yi ɓari a wata na uku, ni na kai ta asibiti da daddare, zanin da ke jikinta ya jiƙe sharkaf, aka ce in nemo jini leda biyu. Ina tsaye a baranda ina kiran abokai ina tunanin yau zan rasa ta. Da aka sallame mu, ni a raina godiya nake yi ta rayu. Kuma na ɗauka in na tayar da maganar zan fama mata ciwo, don haka na kulle bakina, na shiga sayen hanta da kankana da maganin ƙarin jini. A ganina ina nuna kulawa iyakar iyawata. Ita kuma ashe ta karanta shirun da cewa abin bai dame ni ba, har ta fara zargin ko dama ba na son cikin.

Alhali na riga na zaɓi suna a zuciyata, sunan mahaifina. Babu wanda ya yi mini jaje, ko mutum ɗaya. Duk wanda ya ji cewa yake ya mai jiki. A majalisa kuwa ba ka isa ka ce matarka ta yi ɓari kana baƙin ciki ba, za a ce kai wane irin namiji ne. Naman nan da yake sayo miki, 'yar uwa, ina kyautata zaton ita ce maganar da ya iya.

Maman Biyu: Baban Khalil na ji ka, amma kullum sai a ce mace ta fahimci namiji. Ita ta zubar da jini, ita aka kwantar aka yi wa wankin ciki, ita uwarsa ta gaya wa magana, kuma ita za ta bi shi tana lallashi ya buɗe baki? Ina yake lokacin da mahaifiyarsa ke cewa shagwaɓa ce?

Baban Khalil: A nan kina da gaskiya, ban kare shi a kan wannan ba. Maganar mahaifiyarsa aikinsa ne, ba nata ba. Matar ba za ta iya mayar wa surukarta magana ba, ko gaskiya ce da ita za ta zama marar kunya. Shi kuwa zai iya zuwa shi kaɗai ya durƙusa ya ce Hajiya, likita ta ce cikin ya tsaya da kansa tun kafin jinin, ba aikinta ba ne, kuma ni ma abin yana damuna. In uwa ta ji ɗanta ma yana jin ciwon, sau da yawa harshenta yana sauyawa. Haka maganar suna, shi ya kamata ya nema mata uzuri a wajen ƙanwarsa.

Abin da nake cewa kawai, wani sai an buɗe masa ƙofa. Mu abin da ya warware mana, wata rana ta ce da ni, ba tare da faɗa ba, "Kai ma kana tuna shi?" Tambayar ke nan. Da ta ce "ba ka damu da ni ba" da kare kaina zan shiga yi, in lissafo mata kuɗin asibiti.

Maman Biyu: To, amma maza masu karantawa ku ma ku koyi tambaya. Ba sai an yi muku bita ba.

Malam Na Zaure: Assalamu alaikum. Allah ya ba ku ladan haƙuri. Ina so in gyara wani abu da ake yawan jingina wa addini, cewa kuka rashin tawakkali ne. Lokacin da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake barin duniya, idanun Annabi sun zubar da hawaye, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Yana cikin Bukhari. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufa da maganar da ke nuna fushi da hukuncin Allah. Kuma akwai hadisin Mu'azu ɗan Jabal a Ibn Majah cewa ɗan ɓari zai ja mahaifiyarsa da cibiyarsa zuwa Aljanna idan ta nemi lada a kan rashinsa. To abin da aka yi alkawarin lada a kan rashinsa, ba a ce masa ba komai ba.

Amaryar Bana: Malam to sallah fa? Ni da na yi nawa wata ta ce jinin biƙi ne in bari, wata ta ce in ci gaba. Na rasa na kamawa, wannan ma ya ƙara mini damuwa.

Malam Na Zaure: Duka biyun kowacce da madogararta, shi ya sa kika ji baki biyu. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, ko gudan jini ne ya faɗo, matuƙar irin wanda ba ya narkewa in an zuba masa ruwan zafi ne, ana ɗaukarsa ciki, jinin da ya biyo baya na biƙi ne, za ta bar sallah har ya ɗauke ta yi wanka. Hanbaliyya da Hanafiyya kuma suna cewa sai halittar mutum ta bayyana, kamar yatsa ko hannu, wanda a lissafin Hanbaliyya ba ya faruwa kafin kwana 81. Ki bi malamin da kika amince da shi, kada ki zauna cikin waswasi. Game da abin da ya fito, a nannaɗe shi a ƙyalle mai tsabta a binne. Sallar gawa a Malikiyya sai wanda ya yi kuka bayan haihuwa, Imam Ahmad kuma yana ganin in ya cika wata huɗu a yi masa wanka da sallah, a sa masa suna.

Amaryar Bana: Na gode Malam. Amma ga wadda aka yi wa wankin ciki ba ta ga komai ba fa, kamar mai tambaya?

Malam Na Zaure: Wannan sai an haɗa da bayanin likita a kan inda cikin ya tsaya. Ta samu malami ta yi masa bayani dalla-dalla, ba zan yanke mata a nan ba.

Admin: Mai tambaya ta sake turowa: "Na gode ƙwarai. Anti Nas, maganar sati 8 ɗin nan ban taɓa lura da ita ba sai yanzu. Tambayata, har yanzu ina ɗan ganin jini launin ƙasa-ƙasa, kuma na gwada abin gwajin ciki jiya ya nuna layi biyu, na biyun dishi-dishi. Ko dai cikin yana nan ne aka yi kuskure? Kuma ba na iya barci, da na rufe ido sai in ga ɗakin da aka kwantar da ni."

Hajiya Babba: Ikon Allah, ai ana yin kwantaccen ciki.

Anti Nas: Hajiya don Allah kada mu ɗora mata rai a kan wannan, faɗuwar ta biyu ta fi ta farko ciwo. 'Yar uwa, sinadarin da abin gwajin ke gani ba ya fita daga jiki rana ɗaya, yana ɗaukar makonni yana raguwa, shi ya sa layin ya yi dishi-dishi. Amma ƙa'idarmu ita ce in an kai sati uku gwaji yana nuna ciki, ga kuma jini bai gama ɗaukewa ba, a koma a sake sikanin. Wani lokaci ɗan ragowar mabiyiya ke maƙalewa, a ba ki ƙwayar misoprostol ta fitar da shi ko a sake wankewa. Kada ki saya a kemis ki sha da kanki. In kuma kun koma shimfiɗa, ki gaya musu, don ƙwai yana iya fita tun sati biyu bayan ɓari, kafin ma al'ada ta dawo, ita kan dawo ne a sati huɗu zuwa shida.

Abin da ba ya jiran gobe: jini ya jiƙa audugar mata biyu cikin awa ɗaya har awa biyu a jere, zazzaɓi da rawar sanyi, ruwa mai wari, jiri kamar za ki faɗi, ko ciwon mara mai tsanani musamman a gefe guda. Ko tsakar dare ne a tafi. Sannan ki duba katin awonki ki ga rukunin jininki. In mai alamar ragi ne, wato negetif, ki tambaya ko an yi miki allurar Anti-D mai kare ciki na gaba. Cikin awa 72 ake so a yi ta, amma ko an wuce ki gaya musu, don a san yadda za a bi da ciki na gaba.

Maganar barci kuma ba ƙaramar magana ba ce. Wani bincike da aka yi a Landan aka wallafa a 2020 ya gano cewa wata ɗaya bayan irin wannan rashi, kusan mace uku cikin goma suna da alamun firgicin da ke bin mutum bayan mummunan abu, irin wannan ganin ɗakin da kike yi. A sati uku, kuka da rashin barci ba abin mamaki ba ne. Abin da nake dubawa shi ne ko yana sassautawa. In wata ya wuce, biyu, kin kasa cin abinci, kin kasa zuwa aiki, kin daina jin daɗin komai, to ki gaya wa likita a fili, akwai masu kula da wannan ɓangaren kuma ba hauka ba ne. In kuwa tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki, a ranar za ki faɗa wa wani, ba sai an jira ba.

Maman Iman: Kuma ku tafi sikanin ɗin tare da shi. Ya shiga ya ji da kunnensa, ya yi tambaya. Yawancin mazan a waje ake barinsu wajen biyan kuɗi, duk bayanin sai dai su ji a bakin mace, shi ya sa in uwarsu ta kawo nata bayanin ba su da abin cewa.

Uwargida Sarauta: Ni nawa ya zo da wani salo. Cikina wata biyar ya zube, kishiyata tana da tsohon ciki, ta haihu bayan wata ɗaya a gida ɗaya. Kwana uku da ɓarin nono ya kawo, rigata tana jiƙewa ba jaririn da zan ba, ba wanda ya gaya mini haka na faruwa. Ga 'yan uwana suna ta hura mini wuta wai ita ta yi mini asiri, har an kawo mini rubutu da turare. Wallahi yarinyar nan ita ta dinga dafa mini ruwan wanka da cikinta a gaba. Da na bi maganarsu da yanzu ba ma ga maciji. Abin da maigidan ya yi da ban manta ba, ranar suna da asuba kafin a raɗa, ɗakina ya fara shigowa ya zauna ya ce ya san yau za ta yi mini nauyi, in na ga ba zan iya fitowa ba kada in fito. Na fito kuwa, na ɗauki jaririn, na koma ɗaki na yi kukana.

Anti Nas: Nonon nan daga wajen wata huɗu zuwa sama yana zuwa. A sa rigar mama mai ɗan kamawa, a dinga ɗora tsumma mai sanyi, kada a yi ta matsewa don matsar ke ƙara kawo shi. Akwai ƙwayar da likita ke bayarwa ta tsayar da shi in an nema da wuri.

Maman Biyu: To maganar sunan fa, ta je ko kada ta je? Ni na ce kada ta je. Za a miƙo mata jariri, wata ta ce saura ke, wata ta kalli cikinta.

Hajiya Babba: In ba ta je ba a ce baƙin ciki take yi. Dangin miji ba a ba su abin faɗa. Ta je da safe ta yi barka, ta ba da abin da ta tanada, kafin gida ya cika da 'yan buki ta dawo.

Maman Iman: Wannan ta Hajiya ta yi, in shi zai kai ta ya tsaya ya dawo da ita, su yi alama tsakaninsu in ta ji ba za ta iya ba. In kuma ranar ta tashi ba ƙarfin zuciya, ya ce ba ta jin daɗi, ai ba ƙarya ya yi ba.

Abu Hanan: Tambaya nake da ita, mu ma muna ciki. Matata ta yi wata biyu da ɓari, ita tana so mu sake nema yanzu, ni kuma tsoro nake ji, abin da na gani ranar ba na so in sake gani. Wata nas ta ce sai mun jira wata shida, wani likita ya ce da ta ga al'ada ɗaya shi ke nan. Wanne ne?

Anti Nas: Duka biyun ka ji su daidai. Wata shida shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ce tun 2005, binciken da ya biyo baya kuma bai nuna illa ga wadda ta samu ciki kafin nan ba, in ɓarin na farkon ciki ne kuma bai zo da matsala ba. Jiran al'ada ɗaya don a iya lissafin cikin ne. Amma in ta zubar da jini da yawa, a auna jininta tukuna a ga ya dawo, ta kuma fara shan folik asid tun yanzu. In ɓarin ya kai biyu ko uku a jere, ko cikin wajen mahaifa ne, to lissafin ya canza, sai an yi bincike.

Abu Hanan: Na farko ne, amma an ƙara mata jini. Matsalar ita gani take ƙin da nake yi kamar na daina sonta ne.

Baban Khalil: Ka gaya mata tsoro ne, da wannan kalmar. Ita ba ta ga abin da ka gani daga baranda ba.

Maman Biyu: Ita ma ka tambaye ta ko ita ke so, ko gorin dangi take gudu. Ba ɗaya ba ne.

Abu Hanan: Wannan kam ban tambaya ba. Anti Nas, awon jinin nawa ya kamata ya kai kafin a ce ya dawo?

Anti Nas: Ga macen da ba ta da ciki, 12 zuwa sama muke so a ma'aunin Hb. In a takardar PCV aka rubuta, wajen 36 ke nan. Ku je da tsohuwar takardar sallama don a kwatanta.